Ina so in janye littafina kafin in sa hannu, yaya zan faɗa musu?

Tambaya: Wata biyar ke nan da na aika wa wani kamfanin ɗab'i labarina. Editarsu ta karanta, ta turo min shafi uku na shawarwari, na gyara, yanzu sun aiko da yarjejeniya amma ban sa hannu ba. Suna son haƙƙin fassara da na fim duka, kuma ba a faɗi ranar da littafin zai dawo hannuna ba. Ga wani kamfanin ya nuna yana so. Yaya zan janye ba tare da na ɓata da matar nan ba? Ta yi min kirki ƙwarai. Daga wata marubuciya.

Amsa: Malama, kina da ikon janyewa, kuma ba ke ce farau ba a wajen editar nan. Duk wanda ya daɗe yana karɓar rubuce-rubuce ya saba ganin littafi ya kuɓuce masa a wannan gaɓar. Abin da ke ɓata zumunci a irin wannan, yawanci jinkiri ne da kwana-kwana: marubuci ya yi shiru na makonni, ko ya ƙirƙiro uzuri, sai edita ta tsinci labarin a bakin wasu.

Kafin ki rubuta musu ko kalma ɗaya, koma ki karanta duk saƙonnin da kuka yi musaya tun daga ranar farko. Haƙƙin mallakar labarin naki ne tun lokacin da kika rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Wannan ita ce ƙa'idar Yarjejeniyar Berne da aka fara ƙullawa a 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya ke cikinta. A dokokin ƙasashe da dama, ciki har da Birtaniya da Amurka, wannan haƙƙi ba ya komawa hannun wani sai da rubutacciyar takarda mai ɗauke da sa hannun mai shi. To amma alkawari wani abu ne daban, domin yana iya ƙulluwa ta hanyar imel. Idan sun rubuto miki cewa ga kason da za su ba ki, ga lokacin fitowar littafi, ke kuma kika amsa da "na amince da duk sharuɗɗan nan", za su iya cewa magana ta riga ta ƙare, takardar cikon ƙa'ida ce kawai. Idan kuwa abin da kika rubuta bai wuce "na ji daɗi, ina jiran yarjejeniyar in duba" ba, hanya a buɗe take.

Ki kuma duba ko wani kuɗi ya shigo hannunki, ko da sun kira shi ɗan kafin alƙalami. In ya shigo, mayar da shi yana cikin janyewar, kuma ke za ki fara ambatarsa, kada ki bari su tuna miki. Haka nan ki duba ƙa'idojinsu na karɓar rubutu, domin wasu kamfanoni suna sharɗanta cewa kada a kai rubutun wani wuri har sai sun yanke shawara. In kin ga kalmar amincewa ƙarara a saƙonninki, ko kin karɓi kuɗi, ki nuna wa lauya ko ƙungiyar marubuta takardun kafin ki aika komai. In babu ko ɗaya, ci gaba.

Yanzu ga tambayar da nake so ki amsa wa kanki tsakani da Allah: kamfanin ne ba ki so, ko sharuɗɗan? Abubuwan biyu da kika yi ƙorafi a kansu suna cikin waɗanda aka fi gyarawa a teburin ciniki. Daftarin farko yawanci na kowa da kowa ne, an rubuta shi yadda zai fi amfanar kamfani, kuma ana sa ran marubuci zai yi magana. Kina iya cewa za ki riƙe haƙƙin fim da na fassara, ko ki ba su na fassara na shekara biyu ko uku, in ba su sayar ba ya dawo miki. Kina iya neman a sa wa'adi, misali shekara biyar ko bakwai, ko a rubuta cewa haƙƙi zai dawo hannunki idan ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi a shekara. Wannan adadin yana da muhimmanci, domin tsohon sharaɗin nan na "idan littafi ya ƙare a kasuwa" ya rasa ƙarfinsa: littafin da ake sayarwa ta intanet ba ya ƙarewa. Editar da ta zauna ta rubuta miki shafi uku tana son littafin nan, kuma mai yiwuwa ta tsaya miki a gaban shugabanninta. Idan gyaran sharuɗɗan zai sa ki zauna, to takardar neman gyara za ki rubuta, ki ce musu akwai wani tayin, ki ba su mako ɗaya ko biyu. Idan kuwa zuciyarki ta riga ta tafi, kada ki sa su wahalar gyara yarjejeniyar da kin san ba za ki sa wa hannu ba. Babu abin da ya fi ƙona ran edita irin ta samo wa marubuci duk abin da ya nema, sannan ya ce ya fasa.

Sai kamfani na biyu. Kin ce sun "nuna suna so". A ganina wannan bai isa ba tukuna. Ki nemi su rubuto miki tayinsu, ki ga daftarin yarjejeniyarsu da idonki, don kada ki saki reshe ki kama ganye. Ba mamaki ki tarar da sharuɗɗan da kike gudu suna jiran ki a can ma. Ki gaya musu gaskiya cewa akwai yarjejeniya a gabanki kuma kina buƙatar amsa cikin kwana goma, su kuma na farkon ki aika musu layi biyu cewa kina nazarin takardar, za su ji daga gare ki zuwa rana kaza. Hakan ya fi shiru nesa ba kusa ba.

In kin yanke shawara, ki aika a ranar ko washegari. Dalilin gaggawar shi ne aiki yana tafiya a bayan fage ko da ba ki sa hannu ba: ana iya ware wa littafin gurbi a jerin waɗanda za su fito bana, a ba mai zane aikin bango, a sa masa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi. Kowace rana da kika ƙara, asararsu na ƙaruwa. Ita lambar ISBN ta kamfanin ce, ba za ta bi ki sabon wuri ba, don haka kada ma ki tambaye ta.

Ki rubuta wa editar da kanta, da sunanta. Tunda kun saba, ba laifi ki fara kiran ta a waya, amma dole takarda ta biyo baya a ranar. Ga yadda zan tsara ta:

"Malama Wance, barka da aiki. Na rubuto ne in sanar da ke cewa na janye labarina mai suna kaza, wanda na aiko muku a watan kaza, kuma ba zan sa hannu a yarjejeniyar da kuka aiko ba. Na yi dogon nazari, na ga sharuɗɗan haƙƙoƙi da na wa'adi ba su dace da abin da nake so wa littafin ba, don haka na zaɓi wata hanya. Na san lokacin da kika ɓata a kansa. Shawararki game da babi na huɗu ta gyara labarin sosai, kuma ina so in ambaci sunanki a shafin godiya idan kin yarda. Ina roƙon ki tabbatar min kin ga wannan saƙo, kuma an cire rubutun daga jerin ayyukanku. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri."

Ki lura cewa janyewar tana jimla ta farko bayan gaisuwa, kuma sanarwa ce. Kada ki rubuta "ko zai yiwu in janye?", domin wanda aka nemi izininsa yana iya hanawa. Dalili jimla ɗaya ya isa, amma ya zama na gaskiya. Marubuta da yawa sukan ce "littafin bai nuna ba, zan ajiye shi", sai ga shi ya fito a wani kamfani bayan wata takwas. Editoci sun san juna, suna kuma sauya wurin aiki, wadda kika yi wa ƙarya yau tana iya zama mai karanta littafinki na uku a wani kamfanin. Ba dole ba ne ki faɗi sunan inda za ki. In ta tambaya, ki ce akwai wani tayi, za ki sanar da ita idan magana ta tabbata. Godiyar kuma ki kama abu takamaimai, kamar babin da ta gyara, don ta san ba yabon fatar baki ba ne. Kada ki yi mata alkawarin littafinki na gaba don rage zafi, sai dai in da gaske kike, kuma kada ki cika takardar da ban haƙuri.

Shafi ukun nan su ne wurin da ya fi buƙatar lura. Idan shawara ce ta ba ki, irin su "rage farkon labarin" ko "wannan tauraruwa tana buƙatar dalili", ke kuma kika rubuta gyaran da hannunki, rubutun naki ne, za ki tafi da shi. Idan kuwa ta shiga cikin rubutun ta sake gina jimloli ko sakin layi da kalmominta, ki cire su ki sake rubutawa, ko ki nemi izininta a rubuce. In kina da hali, ki yi tayin biyan kuɗin aikin gyaran. Mai yiwuwa su ce a bar shi, amma za su tuna kin yi tayin.

Idan ta wani shafin karɓar rubutu kika aika, kamar Submittable, akwai maɓallin Withdraw, ki danna shi bayan kin aika wa editar saƙo, kada ta fara ganin sanarwar na'ura kafin taki.

Amsar da za ta dawo tana iya zama mai sanyi, ko ma ta ɓacin rai. Ki amsa sau ɗaya, a taƙaice, ki ce kin fahimci damuwarsu kuma shawararki tana nan, ki bar shi a nan. In suka ce akwai kuɗin da suka kashe, ki nemi su rubuto dalla-dalla kafin ki amsa komai. In mako biyu ya wuce ba su ce uffan ba, ki sake tura saƙon ga editar tare da babban adireshin kamfanin, ki adana kwafin duka da kwanan wata, domin sabuwar yarjejeniyar za ta nemi ki tabbatar cewa babu wanda ke da wani haƙƙi a kan littafin. Kuma kada ki bayyana sunan sabon kamfanin a bainar jama'a sai kin sa hannu, ita ma editar ta ji daga bakinki.