Firiza a shago da ɗauke wuta

«Ina sayar da ɗanyen kaza, kifi da kayan miya a Maradi, wutar NIGELEC kuma ba tabbas. Yaya zan yi kada su lalace?»

Malam, ka raba su. Kaza da kifi firiza suke so, ma'aunin sanyi ya nuna digiri -18. Tumatir, attarugu da salak kuwa in sun daskare laushi suke yi da sun narke, don haka inuwa da jiƙaƙƙen buhu sun fi musu.

Duk gurbin da ya rage a firizar ka cike shi da robobin ruwa su daskare. Cikakkiyar firiza, in ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi kusan kwana 2, mai rabin kaya kuwa kwana 1, a zafin Afrilu ma ƙasa da haka. Da an ɗauke wuta, kwashe na cinikin yini ka zuba a kula da ƙanƙara, kaza a ledarta daban, kada ruwanta ya taɓa kifi.

In wuta ta dawo, taɓa naman. Wanda ke da sauran ƙanƙara a jiki, mayar da shi. Wanda ya saki ya wuce digiri 5 fiye da awa 2, don Allah kada ka sayar wa mutane, ko bai yi wari ba, domin ƙwayar cuta ba ta jiran wari.