Amsoshin Tambayoyinku: Guda Nawa Ya Kamata Mai Shago Ya Saro a Lokaci Guda?

Tambaya: "Na buɗe shagon sayar da ƙwan lantarki, iri ɗaya kawai, kuma ina sayar da kimanin guda 3,600 a shekara. In na saro kaɗan sai kuɗin ɗauko kaya ya cinye ribar, in na saro da yawa sai jarina ya kwanta. Abin yana hana ni barci."

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin kin riga kin gano nauyin nan guda biyu da ake aunawa. Na farko kuɗin oda ne, wato abin da kike kashewa duk lokacin da kika yi sari, ko kayan kaɗan ne ko masu yawa: kuɗin mota, lodi da saukewa, kiran waya, da lokacin da kika ɓata wajen ƙirga kayan. Na biyu kuɗin ajiya ne, wato abin da ƙwai ɗaya yake ci idan ya shekara a kan kanta. Yawan zuwa sari yana ƙara na farko, tara kaya kuma yana ƙara na biyu. Wani injiniya mai suna Ford W. Harris ya fitar da lissafin daidaita su a shekarar 1913, kuma ga yadda ake rubuta shi:

```
Q = √(2DS / H)
```

D shi ne yawan abin da ake sayarwa a shekara, S kuɗin oda ɗaya, H kuɗin ajiye guda ɗaya na shekara, Q kuwa yawan da za a saro a kowace oda. Tun da ba ki faɗi sauran lambobinki ba, zan sa nawa na misali, ki musanya su da naki a kowane irin kuɗi kike ciniki. A ce ana sayar miki da ƙwai ɗaya a kan 50, kowace oda tana cin 500, ajiya kuma tana cin kashi 20 cikin ɗari na farashin a shekara, wato 10 a kan kowane ƙwai. Idan kika ninka 2 da 3,600 da 500 za ki sami 3,600,000, ki raba da 10 ya zama 360,000, sai ki danna alamar √ a kalkuleta, za ta ba ki 600. Ke nan za ki riƙa saro guda 600, sau shida a shekara, duk bayan wata biyu.

Ga yadda za ki tabbatar da amsar. Oda shida a kan 500 ta kama 3,000. Kayan kuma suna farawa daga 600 su yi ta raguwa har su ƙare, saboda haka abin da ke ajiye a matsakaici rabi ne, wato 300, wanda zai ci 3,000 a shekara. Jimla 6,000, kuma duk lokacin da lissafin ya yi daidai za ki ga ɓangarorin biyu sun zo kunnen doki. Da za ki riƙa saro 300 kowane wata, oda za ta ci 6,000, ajiya 1,500, jimla 7,500. Da kuma za ki saro 1,200, su ma 7,500 ɗin za ki tarar, sai dai ajiya ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka. Kada kuma ki takura kanki a kan 600 cif. Idan katan-katan ɗin dila suka sa dole ki ɗauki 500 ko 720, jimlar 6,100 ce kawai, bambancin da bai kai a rasa barci a kansa ba.

Tambaya: "Dilana ya ce zai rage mini kashi 2 cikin ɗari in na ɗauki kayan wata shida a lokaci guda. Ai kayan da ke ajiye ba sa cin komai, ko ba haka ba?"

Amsa: Ba haka ba ne, Malam, kuma wannan zancen na cewa kaya ba sa cin komai shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a wasiƙun da nake samu. Kuɗin oda ana ganinsa, domin hannu ake sa a aljihu a biya direba. Kuɗin ajiya kuwa ba mai kawo maka rasit ɗinsa, shi ya sa mutane suke ɗauka babu shi. Amma jarin da ka kwantar a kwali ba zai juya a wani cinikin ba, idan kuma rance ne, nauyinsa yana kanka ko kayan sun fita ko ba su fita ba. Wurin da suka tare haya kake biya masa. Wasu za su fashe, wasu danshi zai taɓa su, wasu za su yi ƙafa, wani lokaci kuma sabon samfuri ya shigo kasuwa ya bar ka da tsohon yayi. Duk wannan shi ake tarawa a kira H, kuma wanda ya rubuta sifili a gurbinsa kansa yake yaudara.

Mu gwada tayin naka da lambobin da ke sama. Kayan wata shida guda 1,800 ne, ragin kashi 2 kuma ya mai da farashi 49, wato ka tsira da 3,600 a shekara. Abin gwanin daɗi, amma dakata. Oda biyu za ta ci 1,000. Matsakaicin abin da ke ajiye ya koma 900, kowane yana cin 9.8, jimla 8,820. Idan aka haɗa an sami 9,820 a maimakon 6,000, wato ƙarin 3,820 domin a samu ragin 3,600. Ka yi asarar 220, ga kuma jarinka a ɗaure. Ba cewa nake kowane ragi tarko ba ne, domin da kashi 5 ya rage maka, da ka tsira da 9,000 kuma tayin ya karɓu. Abin da nake ƙi shi ne a ji kalmar ragi a ruga ba tare da an ɗauki biro ba. Dila yana so ya sauke nauyin ajiyarsa a kanka ne, kuma ba laifinsa ba ne idan ka karɓa ido rufe.

Tambaya: "Cinikina ya ninka biyu. Sai in ninka odata biyu?"

Amsa: A'a. Dubi alamar √ da ke cikin lissafin. Idan D ya ninka biyu, Q yana ƙaruwa da kimanin kashi 41 cikin ɗari ne kawai, wato 600 ya koma wajen 850. Sauran ƙarin cinikin yawan zuwa sari ne zai ɗauke shi.

Tambaya: "Na bi lissafin, amma sau biyu kaya suna yanke mini kafin sababbi su iso. Ina jin tsoron kada kwastomomina su gudu."

Amsa: Damuwarka tana kan hanya, ɗan'uwa, kuma kuskuren ba daga gare ka yake ba. Lissafin yana faɗin yawan da za a saro ne, bai faɗi ranar da za a tura oda ba. Idan kana sayar da kimanin 10 a rana, dila kuma yana ɗaukar kwana 7 kafin ya kawo, to ka tura oda da zarar saura 70, ka kuma ɗora wani adadi na ko-ta-kwana gwargwadon yadda ya saba makara. Ka tuna kuma cewa an gina lissafin ne a kan ciniki mai tafiya bai ɗaya da farashi tsayayye. Idan kayanka na lokaci ne, ko masu saurin lalacewa, ko farashinsu yana tashi kowane wata, to ka sake lissafin duk bayan wata uku da sababbin lambobi, kuma kada ka taɓa saro abin da ba zai ƙare ba kafin wa'adinsa ya cika, ko da Q ya ce ka saro.