Daftarina na matsin lamba ne?

"Na rubuta mata: 'Kin hana ni barci, turo lambarki yanzu, kar ki ce a'a.' In tura?"

Ɗan'uwa, dakata tukuna. "Kar ki ce a'a" ya toshe mata ƙofar fita. Namiji mai natsuwa yakan faɗi buƙatarsa sau ɗaya, ya bar mata zaɓi. "Kin hana ni barci" kuwa haddar samari ce, kowace budurwa za ka iya tura wa, ita ma ta sani. Kawo abin da ita kaɗai ta yi: "Yadda kika kare ra'ayinki a walimar jiya ya burge ni. In ba damuwa, ina son mu ƙara gaisawa." In ta yi shiru, kada ka bi da "kin gani?"