Wasiƙata tana wargajewa idan na kai ta bugu

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a Kumo. Ina tsara wasiƙa a kwamfutata tsaf, amma da na kai shagon bugu a Gombe sai kwanan wata ya sauko layi na biyu, sa hannu ya tsallaka wani shafin. Ina gyaran yake, kuma mene ne tsarin da ofisoshi ke karɓa?

Amsa: Malam Sakatare, ina kyautata zaton da maɓallin tazara kake tura kwanan wata zuwa dama, kana dannawa har sai ka ga ya kai gefe. Ka buɗe wasiƙar a Word ka danna `Ctrl+Shift+8`. Idan ɗigo-ɗigo suka jeru tsakanin lambar wasiƙa da kwanan wata kamar sahun tururuwa, to ka kama ɓarawon. Faɗin kowace tazara ya danganta da nau'in harafin da ka zaɓa. Idan kwamfutar mai shago ba ta da harafinka, sai ta musanya shi da wani, tazarar nan hamsin su ƙara faɗi, layi ya cika ya zubo. Sa hannun kuwa, duba girman takarda. Word yakan zo a kan `Letter`, mu kuma `A4` muke bugawa, mai tsawon santimita 29.7 da faɗin 21. Shiga `Layout`, sai `Size`, ka zaɓi `A4` tun kafin ka rubuta komai, harafi kuma ka tsaya a `Times New Roman` mai girman 12.

Kan wasiƙa, wato sunan ƙungiya da tambarinta da adireshi da lambar waya, kada ka rubuta shi cikin jikin takarda. Danna sau biyu a can saman shafi, wurin `Header` zai buɗe, ka sa alama a `Different First Page` tun da farko, sannan ka zuba su a nan, domin kan ya tsaya a shafin farko kaɗai. In kuma kuna da takarda mai kai da aka riga aka buga a maɗaba'a, ɗauki rula ka auna inda kan ya ƙare. Idan santimita 5 ne, sa gefen sama ya zama 5.5.

Layin da ke ba ka wahala, tebur ne maganinsa. Daga `Insert` ka ɗauki `Table` mai gida biyu a layi ɗaya. Gidan hagu na lamba ne, na dama na kwanan wata, ka danna `Ctrl+R` a cikinsa, sannan ka ɓoye layukan tebur ɗin da `No Border`. Duk kwamfutar da ta buɗe shi, kowa na gidansa.

Lambar nan ba ado ba ce, adireshin wasiƙar ce a cikin fayil. A ce kuna neman taki daga sashen noma na ƙaramar hukuma:

```
Our Ref: KMK/AGR/2/Vol.I/14        10th June, 2025
```

Haruffan farko sunan ƙungiya ne a taƙaice, sai sashe, sai lambar fayil, sai kundi na ɗaya, sai shafi na 14. Wasiƙar da ta biyo baya ta ɗauki shafi na gaba. Idan amsa kuke bayarwa, ka kwafe lambar tasu a gaban `Your Ref:` ba tare da sauya ko ɗigo ba, domin da ita ma'aikacin rajista zai lalubo fayil ɗinku a cikin tarin da ke gabansa.

Kwanan wata kuma ka rubuta shi da hannunka. Na taɓa barin Word ya saka mini shi, na sa alama a `Update automatically`, bayan wata biyu na buɗe wasiƙar don in nuna ranar da muka aika, sai na tarar da kwanan ranar da nake zaune. Ran nan na ji kunya ƙwarai. Sunan watan ma ka rubuta shi cikakke, don 10/6 wani zai karanta shi 6 ga Oktoba.

Daga nan sai muƙamin wanda ake rubuta wa da adireshinsa a hagu, sai gaisuwa, sai batun wasiƙa a ƙarƙashinta da manyan haruffa masu kauri, a layi ɗaya ko biyu. `RE:` a al'adar ofisoshinmu na nuna maganar da aka riga aka fara ce, don haka ba a sa shi a buƙatar farko. Wanda ya buɗe da `Dear Sir,` ko `Dear Madam,` zai rufe da `Yours faithfully,`. Wanda ya ambaci sunan mutum a gaisuwa shi ke rufewa da `Yours sincerely,`. Harafin farko kaɗai ne babba a cikinsu. Bar layi uku ko huɗu na sa hannu, sannan suna da muƙami.

Idan ka gama, ajiye kwafi ɗaya a matsayin `PDF` ta `Save As`, shi za ka tura wa mai shago. Ka buɗe shi a wayarka tukuna ka tabbatar shafi ɗaya ne kafin ka hau motar Gombe.