Zinariya a matsayin ajiya: amsar Gwaggo ga ɗiyarta

"Gwaggo, na kwashi adashe, kuma ina tsoron kuɗin su narke a hannuna. Inna ta ce mutanen da zinariya suke saye su aje. In na saya, ta ina ake asara, kuma yaya ake sayarwa in bukata ta taso?"

Ɗiyata, Innarki ta faɗi gaskiya. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma da yake da dala ake yi wa zinariya farashi, wadda ta aje awarwaro ba ta ji zafin da mai kuɗi a asusu ta ji ba. Amma zinariyar ma tana faɗuwa: daga kusan dala 1,900 kan oza a 2011 ta sauko kusa da 1,050 a ƙarshen 2015. Don haka kuɗin da za ki bukata nan da wata shida kada ki kai su can.

Asarar tana faruwa ne tun ranar saye. Mai shago yana karɓar kuɗin zinariyar, sannan da kuɗin aikin maƙeri. Ranar sayarwa kuwa nauyi da tsarki kaɗai za a biya ki. Mu ƙaddara giram ɗaya naira 100,000 ne, don lissafi ya yi sauƙi. Kin sayi awarwaro mai giram 20, an ɗora 10,000 na aiki kan kowane giram, kin biya 2,200,000. Ki mayar da shi gobe, zai ce yana saye 95,000, ya ƙirgo miki 1,900,000. Dubu 300 sun tafi, ba tare da ya cuce ki ba. Sai farashi ya tashi da kusan kashi 16 cikin 100 kafin ki maido uwar kuɗinki.

Shi ya sa mai ajiya ba ta bin yayi. Ki nemi awarwaro lafiyayye marar ado, ko sulalla, ko wanda aka riga aka sa, domin aikinsa ya fi araha. Ki guji mai duwatsu: da su za a auna miki ranar saye, a cire nauyinsu ranar sayarwa. Siririyar sarƙa mai yawan gaɓoɓi tana da yawan walda, mai rami a ciki kuma tana lotsewa.

Ki duba hatimin da ke jikin kayan. Lamba 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Giram 20 na karat 21 tsantsar zinariyar da ke ciki giram 17.5 ce, saura jan ƙarfe ne ko azurfa. Cewa "ɗan Dubai ne" ko "ɗan Saudiyya ne" ba hujja ba ce, hatimin ma ana buga na ƙarya. A goga a dutsen gwaji a ɗiga asid a gabanki. In zanen ya ɓace, karat ɗin bai kai abin da aka faɗa ba. Maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake kamawa, tagullar da aka yi wa ruwan gwal tana wucewa salin alin. A rubuta miki rasit mai nauyi, karat, farashin giram da kwanan wata.

Ranar sayarwa ki fara da shagon da kika saya, da rasit a hannu, sannan ki kai a taya a wasu shaguna biyu ko uku cikin Babbar Kasuwa. Ki san nauyin kayanki tun daga gida, ki ga ma'auni ya koma sifili kafin a ɗora, kuma a tsayar da farashin giram kafin a auna. Kada ki bari a shiga da kayan ciki inda idonki bai kai ba, kada kuma ki faɗi abin da ya matsa miki, don mai gaggawa ake karya wa farashi. Dillaliyar da za ta kai gidaje ta dawo da kuɗi bayan mako, ki rabu da ita. Ki ga kuɗi sun shiga asusunki kafin ki tashi. Musayar tsohuwa da sabuwa tare da ciko kuwa malamai sun hana, riba ce: sayar da taki, karɓi kuɗinki hannu da hannu, sannan ki sayi sabuwa.

Akwai kuma zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya kayan kwalliyar da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka saya don ajiya, in ya kai miskali 20, wajen giram 85, shi kaɗai ko haɗe da kuɗinki, ya kuma shekara, za ki fitar da kashi 2.5 cikin 100 kowace shekara, alhali zinariya ba ta haihuwa kamar tunkiya.

Ajiyarta a gida sai da rufin baki. Kada ki sa ta zuwa biki, kada ki ba da aro, kuma rasit ya kwana dabam da kayan. Mutum ɗaya amintacce ya san wurin, ki kuma rubuta cewa taki ce, saboda ranar rabon gado.