Hajiya ta turo rabin labari, ba bayani

Malam barka da yamma. Wata Hajiya ce ta turo mani labarinta ta WhatsApp, babi 7, ya yanke a tsakiyar magana, abin da ta rubuta kawai shi ne "a ƙarasa". Na turo maka ka gani. Ta ina zan kama kar a gane hannu ya canza?

Barka kadai. Na karanta shi, kuma kar ka rubuta ko layi ɗaya tukuna. Sake karantawa da biro a hannu, wannan karon ba labarin za ka bi ba, bakin matar za ka saurara.

Fara da wa ke ba da labarin. Ita tana rubuta "ta tashi, ta fita", wato daga gefe take kallon Binta, jarumar labarin, amma ka lura a ƙarshen kusan kowane babi sai ta leƙo da kanta ta ce "ni dai na ce Allah shi kyauta". Wannan leƙen nata ne, masu karatunta sun saba da shi, in ka bar shi za su ji babu ita, in kuma ka riƙa zuba shi kowane shafi don ya burge ka ya zama kwaikwayo, a ƙarshen babi take yi to a nan za ka bar shi.

Sai karin harshe, kuma nan ne yaranmu suka fi faɗuwa saboda yawan karanta littattafan Kano. Hajiyar nan Bakatsina ce a alƙalaminta, mashi take rubutawa ba masa ba, mani ba min ba, mi ya faru ba me ya faru ba, ɗiyata ba 'yata ba. Masa ɗaya in ya kuɓuce maka a babi na 8 ya isa a gane. Buɗe takarda ka jera irin waɗannan ka aje gefenka, har da yadda take haɗe tace da yace, kar ka gyara mata, ba gyara ta ba ka ba.

Ka duba kuma yadda mutanen ke kiran juna. Inna tun babi na 1 ba ta taɓa faɗin sunan Kabiru ba, "yaron nan" take cewa don ɗan fari ne, alkunya. In ka sa ta ƙwala mashi kira da sunanshi ka ɓata tsohuwar gaba ɗaya.

To ga inda ta tsaya. An kawo Binta daga Daura zuwa gidan miji a Ƙofar Ƙaura, Inna ta tsinci takarda cikin akwatinta, layin ƙarshe shi ne: Inna ta ɗago takardar ta dubi Binta tace. Na san abin da hannunka zai so, zuciyarta ta shiga dukan uku-uku, wasu zafafan hawaye suka wanke mata fuska, duniya ta yi mata duhu. Hajiya ba ta rubutu haka, koma babi na 4 inda aka ba Binta labarin rasuwar kakarta, ba ta shiga cikin zuciyar yarinyar ba sam, cewa kawai ta yi ta aje tsintsiya ta shige ɗaki. Jimlolinta gajeru ne, da abin da hannu ya yi take nuna tashin hankali. Don haka irin wannan ne zai zauna:

"Ta wa ce wannan?" Binta ta duƙar da kai. Murfin langar da ke hannunta ya faɗi, ba wanda ya duƙa ɗauka.

Maganar mi ke cikin takardar, kar ka ƙirƙiro daga sama. Ta riga ta ambaci ɗan kawun Binta da ya tafi karatu Zariya har sau biyu ba tare da ya yi komai a labarin ba, marubuci ba ya aje mutum haka kawai. Can ta nufa a ganina. Amma fa hasashe ne, shi ya sa ba za ka yanke abin da ba ya dawowa ba, kar ka kashe kowa, kar ka saki Binta, kar ka shigo da kishiya.

Rubuta shafi biyu kawai. Ka haɗa da shafinta na ƙarshe ka karanta da ƙarfi a jere, ko ka ba wani da bai san inda ta tsaya ba ya nuna maka wurin ɗinkin, in ya nuna daidai to da saura. Sannan ka tura mata tare da tambaya a taƙaice: wa ya rubuta takardar, babi nawa take so ya kai, auren zai tsaya ko zai mutu. Mai cewa "a ƙarasa" in ka tambaye ta hannu rabbana sai ta ce yi yadda ka gani, amma in ta ga shafi a gabanta nan take za ta ce a'a Binta ba za ta yi shiru ba, kaga ka samu bayanin da ba ta bayar ba. Ku kuma gama maganar kuɗi da sunan wa zai fito kafin ka shiga babi na 9.

Turo mani shafin biyun bayan isha'i in duba kafin ya je wurinta.