Sauyi a tsakiyar aiki

«Muna gina makaranta a Dan Gulbi, mai aiki ya ce a ƙara aji ɗaya. In soma?»

A'a Malam, dakata tukuna. Ya rubuta buƙatar, ka ba ta lamba a rajistar sauye-sauye. Sannan ka auna abin da za ta taɓa: buhun siminti nawa, kwanakin magina, kuma ko rufin zai kai damina. Wannan na ƙarshe shi mutane ke mantawa. Ni kaina na taɓa amsa irin wannan da baki, ruwan Yuli ya tarar da mu ba kwano, aka ce laifina ne.

Ka kai lissafin gaban kwamitin da ke da ikon sa hannu. In sun amince, a gyara jadawali da kasafi tare, a sanar da magina. In sun ƙi, ka rubuta dalili, aiki ya ci gaba bisa tsohon zane.